Ba a Yi wa Direba Magana

Tokuji Nagumo bai taɓa yin tuƙi da baki a rufe ba. Tun yana saurayi, lokacin da kamfanin bas na kwarin Kurumi ya ɗauke shi aiki, aka koya masa cewa ido kaɗai mayaudari ne, sai an haɗa masa da yatsa da murya. Kafin ya tashi mota sai ya ɗaga hannunsa mai farar safa ya nuna madubi, ya ce, “Dama, lafiya. Hagu, lafiya. Gaba, lafiya.” Haka zai yi a kowace kwana da kowace mahaɗa, ko da kuwa babu mai jinsa sai kujeru. Yaran makaranta sun kwaikwaye shi har sun gaji, sun girma, 'ya'yansu sun ɗora daga inda suka tsaya, shi kuwa ko a jikinsa.

Bas ɗin ya daɗe da mutuwa. Matasa sun watse zuwa birane, makarantar saman kwarin ta rufe, kamfani ya ga babu riba ya janye motocinsa. Abin da ya rage a kwarin shi ne tsofaffi masu ciwon gwiwa da rumfunan jiran mota da ciyawa ta cinye. Tokuji, da ya ba saba'in baya, yanzu 'yar motar kanti ta ƙungiyar manoma yake ja, wadda ake ɗaga gefenta sai ga kantoci: awara, busasshen kifi, miso wato daddawar waken suya, sabulu, da alewar da tsofaffin ke rantsuwa jikoki suke saya wa alhali jikokin sai sabuwar shekara suke zuwa. Hanyar dai ita ce ta dā, tasha bayan tasha, kuma har yau da farar safar hannu yake bin ta.

A wannan hanyar ya samu mata. Sumie ce kwandastarsa, 'yar siririya mai hula a karkace da jakar tikiti a wuya da usur da ke lilo a ƙirjinta. Ita ke kiran sunayen tashoshi, ita ke busa masa usur idan zai yi baya. Idan suka iso mararrabar jirgin ƙasa ta ƙasan Kurumi, wadda ba ta da shinge ba ta da ƙararrawa, sai ya tsaya, ta diro, ta ruga kan layin dogo ta duba dama da hagu, sannan ta ɗaga hannu ta yafito shi. Ko dusar ƙanƙara ake zubawa sai ta sauka. A saman gilashin gaba akwai wani allo da ke roƙon fasinja kada su yi wa direba magana yana tuƙi, kuma babu mai tsaron wannan allo kamar Sumie. Ta sha tsawata wa manyan mutane a kansa, har da shugaban ƙauye. A gaban fasinja “Direba” take ce masa, fuska a ɗaure. Sai motar ta zama babu kowa take rage murya ta ce “Toku-san,” shi kuma kunnuwansa su yi ja.

Da aka daina ɗaukar kwandastoci ta koma gida ta haifi Kayoko, da ya fara jan motar kanti kuma ta dawo kujerar gefensa, tana miƙa kaya tana tsegumi da kwastomomi. Surutu kam Sumie ba ta da na biyu, tun daga gida har gida bakinta bai hutawa.

Sai mantuwa ta shigo mata. Da farko tukunya a kan wuta, daga baya hanyar gida, daga baya kuma fuskoki. Da abin ya fi ƙarfin Tokuji, Kayoko ta samo mata gurbi a gidan kula da tsofaffi a cikin gari. Yakan je duk yamma da lemo a leda, ta karɓe shi da ladabi, ta sunkuyar da kai ta ce, “An gode da ɗawainiya, ko daga ofishin gunduma ne?” Ya zauna ya ɓare mata lemon, ta ci, ta sake tambayarsa daga ina yake. A mota yake yin kukansa kafin ya tayar da ita.

Kayoko ce ta kawo masa wayar salula. Ta haɗa ta da lasifikar motar, ta nuna masa wani maɓalli a jikin sitiyari.

“Ka gani, Baba? Ba sai ka taɓa wayar ba. Danna nan kawai, hannunka biyu na kan sitiyari, idonka na kan hanya.”

“Doka fa?”

“Riƙe waya a hannu aka hana, da zuba wa allonta ido. Wannan babu ruwan ɗan sanda da shi. Don in riƙa jin lafiyarka ne, ba don ka yi zance da 'yan matanka na sama ba.”

“Ƙaramarsu ta girme ni,” in ji shi.

Ranar da abin ya fara, ma'aikaciyar gidan tsofaffin ce ta kira shi da safe kan maganar magani, Sumie na kusa da ita a keken guragu. Yana shirin tashi daga gaban ƙungiyar manoma ke nan, injin na ruri, sai ya ce wa matar ta ɗan dakata. Ya ɗaga yatsa. “Dama, lafiya. Hagu, lafiya. Gaba, lafiya.”

Daga cikin lasifika wata murya ta fito tangaran, irin wadda ya yi shekara bai ji ba. “An rufe ƙofa, Direba. Mu je. Tasha ta gaba, Gadar Dutse.”

Da ƙyar ya iya sa giya. Ma'aikaciyar ta ce ba ta taɓa ganin irin haka ba, ta bar wa Sumie wayar a cinya. Daga ranar ya zama ƙa'ida: kowace safiya a kira shi, Sumie ta hau mota. Ƙarar inji da kiran nan nasa ne mabuɗin. Idan ta ji su sai ta dawo, ta kira tashoshi ɗaya bayan ɗaya ba kuskure, har da waɗanda ruwa ya ci tun tuni, a tsakani kuma ta yi ta zuba labari. Wani lokaci, can wajen sama inda take ganin fasinja sun ƙare, sai ta ce “Toku-san.” Da yamma idan ya je da lemo, baƙon gunduma ne. Amma safiya tasa ce, kuma a kanta yake rayuwa.

Ya gamsar da kansa cewa babu abin da ya sauya. Ai shekara da shekaru tana surutu a gefensa bai taɓa ko kwarzanar mota ba, to mene ne bambancin murya daga kujera da murya daga lasifika? Ga hannu biyu a sitiyari, ga ido a gaba. Gaskiya ne wata rana ya wuce tashar Ƙofar Haikali, wata tsohuwa na ɗaga masa jaka, sai da ya yi nisa ya tuna ya juyo, ta yi ta yi masa tsiya cewa ya fara ƙyamar tsofaffi. Gaskiya ne kuma wani lokaci yakan tsinci kansa a bakin gada ba tare da ya tuna yadda ya wuce kwanonin da ke bayanta ba. Ya ɗora wa tsufa. Abin da bai lura da shi ba shi ne yatsansa ya fara lalaci, domin baki ɗaya ba ya amsa hira kuma ya yi kiran hanya a lokaci guda.

Ranar da abin ya faru gari ya yi wasai, ganyen tsaunin ya yi ja, an gama girbin shinkafa. Sumie na cikin nishaɗi. Ta ɗauko labarin shekarar babbar dusar ƙanƙara, ranar da bas ya maƙale a sama da amarya a ciki.

“Ka tuna, Direba? Ga ta da farin kaya, ga kawunta ya bugu tun kafin a je, wai shi zai tura mota.”

“Ya tura kuwa, da fuskarsa.”

“Wane launi ne bargon da ka ba ta? Ni na ce ja ne.”

“Ina fa ja. Ruwan toka ne, na kamfani, mai lamba a gefe.”

“Ja ne.”

Ya shiga neman bargon a cikin kansa. Ya gan shi kuwa sarai, a ninke a bayan kujerar direba, ya ga tururin bakin fasinja, ya ga Sumie na hura wa hannuwanta iska, kumatunta sun yi ja. Yana murmushi zai ce mata kumatunta ne ja ba bargon ba, sai ya ji tayoyin gaba sun yi gaf-gaf a kan ƙarfe.

Odar jirgi ta tsage masa kunne. Ta hagu, kan jirgin nan mai tarago ɗaya ya cika gilashi, ƙafafunsa na ƙara a kan layi. Ba tunani ne ya cece shi ba, ƙafarsa ce ta taka totur da kanta. Motar ta yi tsalle ta haye, iskar jirgin ta girgiza bayanta, kwalaben miya suka zube a ciki. Ya tsaya a gefen gona, hannuwansa a kan sitiyarin da bai taɓa saki ba. Can gaba jirgin ma ya ja ya tsaya, fuskokin 'yan makaranta a jikin tagogi.

Muryar Sumie ta fito daga lasifika a tsorace. “Direba, ban sauka ba. Don me ka haye ban sauka ba?” Sai kuka, sai muryar ma'aikaciya na rarrashi, aka katse.

Ɗan sandan da ya zo ɗan kwarin ne, Tokuji ya sha kai shi makaranta yana majina. Ya cire hula ya gaishe shi, ya tambayi lafiyarsa, sannan ya yi aikinsa.

“Nagumo-san, doka ta ce a tsaya cak kafin layin dogo a duba. Kai ka koya mana tun muna yara. Wannan dole in rubuta.”

“Rubuta. Waya nake yi.”

“A hannu?”

“A lasifika.”

Ɗan sandan ya sosa ƙeya. “A kan wayar ita kaɗai ba ni da abin rubutawa. Sai dai na sha zuwa wurin haɗari in tarar da waya a maƙale a mazauninta, babu wanda ya taɓa ta, kuma mutumin na rantsuwa yana kallon gaba.”

Da yamma Kayoko ta zo gida, ta ciro katin 'yar kyamarar da ƙungiya ta sa a motar, mai ɗaukar hanya da ɗaukar direba. Suka zauna a tabarma, shayi na hucewa a tsakaninsu. Ga shi nan a hoto, zaune tsaf kamar ranar jarrabawar lasin, farar safa a kan sitiyari dama da hagu, ido a buɗe yana kallon gaba. Ga alamar mararraba mai rawaya da baƙi ta taso, ta girma, ta wuce ta gefen fuskarsa. Ga layin tsayawa. Ga jirgin ma, a fili, yana tahowa ta tsakiyar gonakin da aka girbe, babu ko bishiyar da ta kare shi. Mutumin da ke cikin hoton yana murmushi.

“Kana kallonsa fa, Baba,” in ji Kayoko a hankali.

“Bargo nake kallo.”

Ba ta gane ba, bai kuma yi bayani ba. Ta ce laifinta ne, ita ta kawo abin, ita ta ce masa ba komai. Ya girgiza kai, ya ce ta mayar da hoton baya. A karo na biyu ba jirgin ya kalla ba, yatsansa ya kalla. Tun daga gada har layin dogo bai ɗaga ba ko sau ɗaya.

A nan ne wani abu ya faɗo masa, abin da ya yi shekaru yana gani bai taɓa ba shi suna ba. Surutun Sumie a mota cike yake da ramuka. Tana tsakiyar labari, idan suka doshi kwanar haikali sai ta yanke a rabin kalma, sai sun fita ta ɗora. Idan babbar mota ta taho a siririyar hanya takan yi tsit, kanta ya juya tare da nasa. Wani sa'in ma ba ta cewa komai, gwiwarta kawai take dafewa, shi kuma ya san akwai keke a gefe. Ashe duk zamanta a gefensa ido huɗu ne a kan hanya, kuma hanyar ce ke ba ta izinin magana. Yanzu tana ɗaki tana kallon labule, ba ta san inda kwana take ba, shi kuma don ya riƙe ta sai ya bar hanyar ya bi ta can inda take.

“To yanzu ya za a yi?” in ji Kayoko. Ta san abin da safiyar nan take a wurinsa.

“Cire abin nan daga motar.”

“Baba, in aka cire, Mama…”

“Akwai yara a jirgin nan, Kayo. Cire shi.”

Ƙungiya ta dakatar da shi na ɗan lokaci, sannan ta mayar da shi, don babu wani mai son hanyar. Ya koma tuƙi waya a kashe a cikin jaka. Yatsa ya dawo bakin aiki, murya ta dawo, sai dai babu mai amsawa. Ya gwada kiranta daga gida kafin ya fita, ya zauna a bakin ƙofa yana cewa dama lafiya, hagu lafiya, kamar mahaukaci. Ta saurara da ladabi ta ce ta yi tsammanin an yi kuskuren lamba. Ma'aikaciyar ta gaya masa cewa da safe Sumie takan zauna da hannu a cinya tana kallon ƙofa, ta ƙi karyawa, wai motarta ba ta zo ba. Wannan maganar ta fi odar jirgin yi masa ciwo. Sau da yawa a hanya hannunsa ya kai kan maɓallin nan na sitiyari, duk da ya san an raba shi da wayar.

Sanyi ya fara shigowa. Wata safiya ya iso tsohuwar tashar ƙasan Kurumi, inda hanya ta yi faɗi don bas ya samu wurin raɓewa, mararrabar na can gaba kaɗan. Rumfar na nan, bencinta ya ruɓe, allon lokutan mota ya koɗe babu abin da ake karantawa. Babu mai sayen komai a nan, gidajen duk sun zama kufai. Ya sauka daga kan kwalta, ya cire giya, ya ja birkin hannu. Zai kashe inji sai ya fasa. Ya ciro wayar daga jaka, ya kunna, ya kira, ya roƙi ma'aikaciyar ta ɗora wa Sumie a cinya.

Ya bar ta ta ji rurin injin tukuna. Sannan ya ɗaga yatsa. “Dama, lafiya. Hagu, lafiya.”

Yana jin ƙarar cokula can nesa, da talabijin.

“Ka makara, Direba,” in ji ta.

Ya rufe ido. “Na makara. A yi haƙuri.”

“Mutane na ta jira a cikin sanyi.” Ta ɗan saurara. Kwandasta ce, ba a yi mata wayo da mota. “Motar nan ba tafiya take ba. Ina muke?”

“Ƙasan Kurumi. Na tsaya.”

“Yawwa. Haka ake yi.”

Ta tambaye shi ko ya ga sabuwar malamar makaranta da ta hau jiya, mai takalmin birni, wadda za ta gane kurenta idan ƙanƙara ta sauka. Ya ce ya gan ta. Ta ce bishiyar kaki, mai jajayen 'ya'ya kamar tumatir, ta gidan mai gidan waya ta yi 'ya'ya bana kamar ta karye. Ya duba ta taga, gidan babu rufi, amma bishiyar na nan, kuma ta yi 'ya'yan, babu mai tsinka. Ya gaya mata gaskiya ne. A tsaye, hannu a cinya, ya saurare ta da dukan kansa, abin da bai taɓa samun yi ba yana tuƙi. Amma ya san ba zai daɗe ba. Tsofaffin sama na jiran awara, kuma hirar da a dā take kai su har ƙarshen kwari yanzu iyakarta wannan rumfa.

“Lokaci ya yi, Kwandasta. Ga layin dogo a gaba.”

“To jira in sauka.”

Ya jira. Ya ji numfashinta, ya ji keken ya ɗan motsa. A cikin kansa ya ga hula a karkace tana gudu zuwa kan layi, wannan karon kuma ya bar kansa ya kalla, tun da motar a tsaye take.

“Babu komai,” in ji ta. “Dama babu, hagu babu.”

“Na gode. Zan tashi.”

“To na yi shiru. Ba a yi wa direba magana yana tuƙi.” Sai ta rage murya, yadda fasinja ba za su ji ba. “Toku-san, ka duba da kanka ma. Idona ba kamar dā ba.”

“Zan duba.”

Bai kashe nan da nan ba. Ya riƙe wayar yana jin shirun da take yi masa, shirun da ya sani tun suna matasa. Sannan ya kashe ta, ya mayar cikin jaka, ya zuge. Ya goge fuskarsa da bayan safa, ya jira har idonsa ya washe, ya saki birkin hannu. A bakin layin ya tsaya cak, ya sauke gilashi ya kasa kunne, iska mai sanyi ta shigo. Ya ɗaga yatsa ya nuna dama, ya nuna hagu, ya faɗa da ƙarfi yadda za a ji har kujerar baya, sannan ya haye.